Gadar Tsinke da Lissafin da Ake Rufewa a Ambulan

A shekarun da na fara koyar da lissafin gini a kwalejin fasaha, akwai wata ƙa'ida da muka gada daga malamanmu, kuma ba ma ɗaga wa kowa ƙafa a kanta. Duk rukunin ɗaliban da suka haɗa gadar tsinke, ba za a rataya mata ko da bokiti babu komai a ciki ba, sai sun kawo takarda mai ɗauke da abu biyu: kilo nawa za ta ɗauka kafin ta karye, kuma wane tsinke ne zai fara sallamawa. Sai a rufe takardar a ambulan, a ajiye a aljihun tebur, ba a buɗewa sai gadar ta faɗi ƙasa. Makin da ya fi yawa yana ga wanda hasashensa ya fi kusa da abin da ya faru, ko da gadarsa ba ita ce ta fi ɗaukar nauyi ba.

Yau ana ci gaba da haɗa irin waɗannan gadoji, har ma sun fi na da kyau da ƙarfi. Amma a wurare da yawa ambulan ɗin ya ɓace. Ana auna nauyin gada, a auna abin da ta ɗauka, a raba wannan da wancan, wanda ya fi yawa ya ɗauki kyauta. Ni kuwa a ganina abin da ya ɓacen shi ne ainihin darasin, kuma ba zan iya nuna dalilin da baki kawai ba, sai mun bi lissafin tare, kamar yadda muke yinsa a allo.

Mu ɗauki gadar da muka fi yi. Kayanta tsinken askirim ne, mai faɗin nan da ake riƙe ƙanƙara da shi, tsawonsa kusan milimita 114, faɗinsa 10, kaurinsa 2, sai farin gam na kafintoci. Fasalinta shi ne jerin alwatika masu ɓangarori daidai, ɗaya a zaune ɗaya a kife, irin wanda James Warren da Willoughby Monzani suka yi wa rajista a Ingila a 1848, shi ya sa ake kiransa da sunan Warren. Duk wanda ya taɓa kallon gadojin ƙarfe na jirgin ƙasa, ko raftar babban ɗakin ajiya, ya ga danginsa. Tazarar da gadar za ta tsallake milimita 400 ce, tsakanin tebur biyu. Ana yin bango biyu iri ɗaya, na dama da na hagu, a haɗa su da tsinkayen tsallake. Kowane bango yana da tsinke huɗu a layin ƙasa, uku a layin sama, da takwas a karkace tsakaninsu, kuma daga mahaɗa zuwa mahaɗa milimita 100 ne. Tunda ɓangarorin alwatikar daidai suke, tsayin bangon ya kama milimita 86.6. Bokitin gwaji kuwa a mahaɗar tsakiya ta ƙasa ake rataye shi, da sandar ƙarfe da ta ratsa bangon biyu.

Matakin farko shi ne sanin rabon kowane tsinke. A ce bokitin da yashinsa kilo 10 ne. Gadar tana tsaye a kan ƙafa huɗu, tunda nauyin a tsakiya yake, kowace ƙafa tana ɗauke da kilo 2.5. Daga nan sai a yi abin da ya fi burge ni a duk wannan fanni, wato a yanke bangon gida biyu a zuci, a dubi rabi ɗaya kawai, a tambayi abin da ya hana shi juyawa. Teburin yana tura ƙafar sama da ƙarfin kilo 2.5, kuma ƙafar tana nesa da mahaɗar tsakiya da milimita 200. Wannan turawa tana son ta juya rabin bangon a kan waccan mahaɗa, kuma girman juyin shi ne 2.5 sau 200, wato 500. Abin da ya tokare shi shi ne tsinken tsakiya na layin sama, wanda ke milimita 86.6 sama da mahaɗar. Idan aka raba 500 da 86.6, za a sami kusan 5.8. Ke nan a kowane kilo 10 da ke cikin bokiti, wannan tsinke guda ɗaya yana shan matsin kilo 5.8 daga bakinsa biyu.

A nan ɗalibai sukan ɗan tsaya. Wani ya taɓa ɗaga hannu ya ce, "Malam, ai bangon kilo biyar kawai ya ɗauka, ta yaya tsinke ɗaya a cikinsa zai sha abin da ya fi biyar?" Tambaya ce mai kyau, kuma amsarta tana cikin siffar gadar. Gajera ce a tsayi, doguwa a tazara, don haka layin sama da na ƙasa suna aiki da ɗan gajeren hannu wajen tare juyin da ke zuwa da dogon hannu. Da an ninka tsayin bangon, da matsin ya ragu da rabi. Yaron da ya yi wannan rabon da hannunsa ba ya sake mantawa da dalilin da ya sa manyan gadojin ƙarfe suke da tsayi a tsakiya.

Haka ake bin sauran. Tsinkaye biyu na layin ƙasa da ke kusa da tsakiya suna shan ja na kilo 4.3 kowanne, na bakin layin kuma 1.4 kacal. Tsinkaye biyu na gefen layin sama suna shan matsin 2.9. Na karkacen guda takwas duka 2.9 ne, sai dai suna karɓa-karɓa: wanda ya tashi daga ƙafa matsi yake sha, na biye da shi ja, na gaba matsi, na kusa da bokiti ja. A taƙaice, cikin tsinke 15 na kowane bango, bakwai ana matse su, takwas ana jan su. Wannan aiki ba ya wuce shafi biyu na littafin rubutu, kuma ba sabon abu ba ne. Wani injiniya Ba'amurke, Squire Whipple, ya wallafa yadda ake fitar da rabon kowane ɓangare na irin wannan gada tun 1847, a lokacin da yawancin magina ke dogara ga gogewa da kwatance.

Mataki na biyu ya fi wuya, kuma a nan ne gadojin ke mutuwa. Sanin rabon tsinke bai wadatar ba, sai an san iyakar abin da zai iya jurewa, kuma tsinke ɗaya yana da iyaka biyu da suka yi nisa da juna. Idan jansa ake yi, lafiyayyen tsinken askirim mara gaɓa zai riƙe sama da kilo 100 kafin ya tsinke. Idan kuwa matse shi ake yi, ba ya jira itacen ya murƙushe, sai ya lanƙwashe gefe ta ɓangaren da ya fi siranta, kuma wannan yana faruwa da ɗan nauyi kaɗan. Masanin lissafi Leonhard Euler ya ba da ƙa'idar wannan lanƙwasa a 1744:

P = π²EI / L²

L shi ne tsawon tsinken tsakanin wurare biyu da aka riƙe shi. E taurin itacen ne, kuma ga irin wannan itace mukan fara da niyuton 10,000 a kowane murabba'in milimita. I kuwa yana auna yadda siffar tsinken ke ƙin lanƙwasa, ga tsinke mai faɗi ana samunsa da bt³/12, inda b yake faɗi, t kuma kauri. Namu 10 sau 8 ne a raba da 12, wato 6.67. Idan aka zuba waɗannan a cikin ƙa'idar da tsawon milimita 100, sai a sami niyuton 66, abin da ya yi daidai da kilo 6.7.

To, ga hasashen ya fito. Tsinken tsakiya na sama yana shan 5.8 a kowane kilo 10 na bokiti, iyakarsa kuma 6.7. Don haka zai lanƙwashe idan bokitin ya kai kusan kilo 11.6. A daidai lokacin, tsinkayen layin ƙasa ba su taɓa ko kashi ɗaya cikin goma na ƙarfinsu ba. Abin da ɗaliban za su rubuta su rufe ke nan: kilo goma sha ɗaya da rabi, tsinken tsakiya na layin sama, zai lanƙwashe zuwa waje ko ciki.

Ba ma yarda su ɗauki wancan 10,000 ɗin kamar saukakken abu. Itace ba ƙarfe ba ne, tsinke biyu daga leda ɗaya sukan bambanta sosai, kuma wanda ya sha iskar hunturu ya bushe ƙayau ya fi tauri a kan wanda ya kwana cikin laimar watan Agusta. Sai mu sa su ɗauko sikelin da ake auna kaya, su tsayar da tsinke a kai, su danna shi da tafin hannu a hankali har ya fara gantsarewa, wani kuma yana karanta allurar. Da zarar ya gantsare, allurar takan tsaya ko da an ci gaba da dannawa, kuma wannan lambar ita ce iyakarsa. Ga cikakken tsinke mai tsawon 114, lissafinmu ya ce a ga wajen kilo 5. Idan sikelin ya nuna 6, itacensu ya fi na littafi tauri, sai su gyara E su sake lissafi. Kaurin ma haka. Rula ba ta iya bambanta milimita 2 da 1.8 a tsinke ɗaya, don haka sai a jera goma a matse, a auna, a raba da goma. Wannan ɗan bambanci ba abin rainawa ba ne, domin kauri sau uku yake shiga lissafin: tsinke mai 1.8 ya rasa sama da kwata na ƙarfin mai 2.

Ranar gwaji ana zuba yashi kofi-kofi, ko ruwa, tunda lita ɗaya kilo ɗaya ce, kuma ana haɗawa da nauyin bokitin da sandar ƙarfen. Irin wannan gada, idan an yi ta da tsabta, takan wuce hasashen. Na ga wadda aka yi wa lissafin 11.6 ta kai kusan 17, kuma tsinken da aka ambata ɗin ne ya lanƙwashe. Masu ita sun yi ta murna, amma aikinsu bai ƙare ba, domin sai sun rubuta dalilin tazarar. Dalilin yana cikin ƙa'idar Euler kanta. Ita ta ɗauka cewa bakin tsinken biyu suna juyawa a sake, kamar yadda suke yi tsakanin tafin hannu da sikeli. A gadar kuwa an manne su da gam, an kuma ɗora musu ɗan ƙarin itace a mahaɗa, don haka ɓangaren da ke da damar lanƙwasa ya gajarta. Idan aka ɗauki tsawon a matsayin 80 maimakon 100, iyakar tsinken ta tashi zuwa kilo 10.5, hasashen gadar kuma ya koma 18. Ɗalibin da ya kai nan ya gane cewa lissafin bai yi ƙarya ba, zaton da aka shigar masa ne ya yi taka-tsantsan fiye da kima, kuma ya san ta wane ɓangare kuskuren ya faɗi, wato ɓangaren da ba ya kashe mutum.

Wadda ke ban tsoro ita ce gadar da ta gaza hasashenta. Mafi yawan lokaci dalilin guda ne. Mun ce tsawon tsinken sama milimita 100 ne, amma wannan gaskiya ne kawai idan mahaɗansa biyu ba sa motsi zuwa gefe. Abin da ke riƙe su shi ne tsinkayen tsallake da ke haɗa bangon dama da na hagu ta sama, tare da na karkace a tsakaninsu. Ɗalibai sukan raina waɗannan, domin lissafin rabo bai ba su ko kilo ɗaya ba, sai su rage su don gadar ta yi sauƙin nauyi. Idan mahaɗa ɗaya ta rasa mai riƙe ta, tsawon da zai lanƙwashe ya zama 200, kuma tunda tsawo sau biyu yake shiga ƙa'idar, ƙarfin ya koma kwata. Irin wannan gada ba tsinke ɗaya ne ke karyewa a cikinta ba. Layin saman gaba ɗaya ne yake karkacewa kamar maciji, ko bangon biyu su kwanta gefe guda tare, tun bokitin bai yi nisa ba. Wanda ke tsaye a bakin gadar yana hangen tsawonta zai ga karkacewar ta fara tun kafin a ji wata ƙara.

Bayan gwajin farko mukan ba su damar gyara, kuma a nan lissafin hannu yake nuna amfaninsa ƙarara. Wanda bai yi lissafi ba zai ƙara tsinke ko'ina. Wanda ya yi ya san cewa tsinken tsakiya na sama kaɗai ke buƙatar taimako da farko. Idan ya manna tsinke biyu fuska da fuska, gam ya game tsawonsu duka, kaurin ya zama 4, ƙarfin kuma ya ninka sau takwas, daga 6.7 zuwa kusan kilo 54. Idan kuwa ya jera su kawai ya manne bakinsu, kowanne zai lanƙwashe shi kaɗai, ƙarfin ya ninka sau biyu tak. Itacen ɗaya ne, nauyin ɗaya ne, bambancin yana ga ko an tilasta musu su yi aiki a matsayin abu guda. Da an gyara wannan tsinke, rauni sai ya koma wani wuri: tsinkaye shida na kowane bango da ke shan matsin 2.9 za su kai iyakarsu idan bokitin ya kai wajen kilo 23. Idan aka ninka su duka, lissafin ya ce tsinken tsakiya zai sake zama na farko, a kusan kilo 93.

Amma gadar ba za ta kai 93 ba, kuma ɗalibi mai lura yakan gano haka kafin gwaji. Kafin itacen ya gaza, gam zai gaza. Mukan sa su manna tsinke biyu baki da baki da hawan milimita 10, su bar shi ya kwana, su rataya masa bokiti. A irin gam ɗinmu mahaɗar takan sake a wajen kilo 30. Tsinkayen ƙasa na kusa da tsakiya suna shan 4.3 a kowane kilo 10, don haka mahaɗarsu za ta ɓalle idan bokitin ya kusa kilo 70. Sabon hasashen ke nan: kilo 70, mahaɗar ƙasa ta kusa da tsakiya. Bayan faɗuwa ana iya tantancewa da ido. Idan fuskar da ta rabu sumul take tana ƙyalli, gam ne ya sake, ko don an yi masa rowa, ko ba a matse shi ba, ko bai gama bushewa ba. Idan kuwa ta fito da zaren itace a jikinta, gam ya yi aikinsa, itacen ne ya yage, kuma maganin shi ne a ƙara faɗin mahaɗar.

Nakan gaya wa ɗalibai cewa waɗannan cututtuka biyu ba na tsinke kaɗai ba ne. Ranar 29 ga Agusta 1907, gadar Quebec da ake ginawa a kan kogin Saint Lawrence a Kanada ta rushe ta kashe ma'aikata 75. An ƙara tsawon tazararta zuwa kusan mita 549 ba tare da an sake lissafin nauyinta yadda ya kamata ba. Ɓangarorin da suka fara gazawa masu shan matsi ne, kuma an haɗa kowannensu ne daga faranten ƙarfe da aka ɗaure da siraran ƙarafa, ɗaurin da bai isa ya sa su yi aiki a matsayin abu guda ba. An ga sun fara lanƙwasa tun kafin ranar, an auna, an yi ta musayar saƙo, aiki kuma bai tsaya ba. Shekara ɗari bayan haka, ranar 1 ga Agusta 2007, gadar babbar hanya da ta tsallake kogin Mississippi a birnin Minneapolis ta faɗi da motoci a kanta, mutum 13 suka rasu, kuma binciken hukuma ya ɗora laifin a kan faranten mahaɗa da aka yi su da siranta fiye da yadda ya kamata tun daga zane. Ɗaya lanƙwasa ce, ɗaya mahaɗa, daidai abubuwan da yaro ke gani a kan teburin aji.

Sauyin da ya kawar da ambulan ya zo mana a hankali. Da farko ƙaramar na'urar lissafi ce ta maye gurbin littafin jadawali, kuma wannan alheri ne zalla, domin ta ɗauke wahalar ninkawa ta bar tunanin a wurinsa. Daga baya kwamfuta ta shigo. Wata manhaja ta kyauta mai suna West Point Bridge Designer, wadda Stephen Ressler na makarantar sojan Amurka ya ƙirƙira, ta yaɗu sosai a farkon shekarun 2000. Yaro zai zana gada, ya tura mota ta bi ta kai a fuskar kwamfuta, ɓangarorin da ke shan matsi su yi ja, masu shan ja su yi shuɗi, wanda ya gaza kuma ya bayyana nan take. Bayanta wasu manhajojin suka biyo, har a waya. Ba zan ɓoye cewa sun kawo amfani ba. Ɗalibi yana iya gwada fasali ashirin a yammaci ɗaya, abin da a da zai ci masa zango guda. Yana iya taɓa gada mai ƙarin tsinkaye da lissafin shafi biyu ba ya warware ta. Wayar ma ta magance mana wata tsohuwar matsala. A da, idan gada ta faɗi, komai yakan karye lokaci guda, sai a yi ta gardama a kan wanda ya fara. Yanzu ana ɗaukar bidiyo a rage masa gudu, kowa ya ga tsinken farko da ya gantsare. Da ina da wannan a shekarun baya, da na yi farin ciki matuƙa.

Abin da ya dame ni shi ne yadda tsarin aikin ya juya. A da ɗalibi yana fara tunani, ya fitar da lamba, sannan ya gwada. Yanzu yakan fara gwadawa a allon na'ura, ya yi ta kauri da siranta har launin ya yi kyau, sannan ya kwafo lambar. Idan ka tambaye shi me ya sa tsinken nan ke shan 5.8, sai ya ce haka ta nuna. Ba shi da wata lamba tasa da zai auna amsar na'urar da ita, don haka idan ya shigar da santimita a gurbin milimita, ko ya ɗora wa bango ɗaya nauyin bokitin duka, ba abin da zai tsikare shi. Ƙari a kan haka, manhajojin da ɗalibai suka fi samu suna zana bango ɗaya ne a shimfiɗe, suna ɗaukar mahaɗa a matsayin ɗigo marar rauni. Karkacewar gefe da ɓallewar gam, wato hanyoyi biyu da gadar tsinke ta fi mutuwa ta cikinsu, ba sa cikin hoton kwata-kwata. Lissafin hannu ma bai ƙunshe su kai tsaye ba, amma mai yinsa dole ya tsaya ya zaɓi L da kansa, kuma a wannan tsayawar ce yake tambayar abin da ke riƙe da mahaɗar.

Sai kuma gasar kanta. Tunda ƙarfin gadar ne kawai ake ba maki, hanya mafi sauƙi ita ce a nemo hoton gadar da ta yi nasara a wani wuri a kwaikwaye ta. Na ga gadoji masu ɗaukar abin da ya ba ni mamaki, waɗanda masu su ba su iya nuna mini tsinke ɗaya su ce wannan jansa ake yi ko matse shi ba. Idan ta karye sai a yi tafi a share tarkacen, ba wanda ya ɗauki ɓallin ya duba fuskar gam. Alhali aikin da waɗannan yara za su fita su yi akasin haka yake. Injiniya ba ya samun damar ya loda wa gadar gari manyan motoci har ta faɗi don ya san ƙarfinta. Sa hannu yake yi a kan lamba tun ba a zuba harsashi ba, mutane kuma su hau bisa amincewa da wannan lamba. Gadar tsinke ita ce kusan wuri ɗaya tak a duk karatunsa da zai faɗi lamba, sannan ya ga gaskiyarta da idonsa a cikin sa'a guda, ba tare da an rasa komai ba sai ledar tsinke da kwalbar gam.

Kirana ga malamai 'yan'uwana da masu shirya irin wannan gasa shi ne su dawo da ambulan. Kada a hana kwamfuta, amma a buɗe ta bayan an miƙa shafi biyun na hannu, ta zama abin duba aiki. A ware aƙalla rabin maki ga kusancin hasashe da kuma faɗin tsinken da zai fara gazawa, a kuma nemi kowane rukuni ya rubuta sakin layi ɗaya da ke bayyana tazarar da ke tsakanin abin da suka ce da abin da ya faru. Kayan da ake buƙata sikeli ne, da rula, da bokiti, da yashi, kuma babu makarantar da za ta rasa su.